Yadda ake wanke rubutun da aka shigo da shi Excel da TRIM da CLEAN

Mai kula da lissafin sito a Garwa yana da nasa jerin kaya a Excel, wanda shi ya buga da hannunsa. Daga reshensu na Ngaundere, inda jirgin ƙasa ke sauke kaya kafin manyan motoci su kwaso zuwa arewa, sai a turo masa sabon jerin farashi da aka fitar daga wata manhaja, ko aka kwafo daga takardar PDF. Ya ɗora fomular da za ta nemo farashin kowane kaya daga sabon jerin, sai ta cika masa shafi da `#N/A`. Ya duba da ido, sunan kaya iri ɗaya ne a nan da can, harafi bai ɓata ba. Ya tara kuɗin, jimla ta ba shi sifiri.

Dalili shi ne Excel ba da ido yake kwatanta rubutu ba. Kowane harafi yana da lamba, sarari ma yana da tasa, kuma akwai alamomin da ke zaune a cikin akwati amma ba sa fitowa a allo. In ɗaya daga cikinsu ya maƙale a sunan kaya, to a wurin Excel wannan wani suna ne daban. TRIM da CLEAN su ne kayan aikin farko na wannan gyara, sai dai kowanne yana da inda ƙarfinsa ya tsaya, kuma a fayilolin da ke yawo a Kamaru da Cadi abin da ya fi addabar mutane yana bayan wannan iyakar ne.

Sunayen da Excel ɗinka ya sani

Yawancin kwamfutocin ofis da shaguna a Garwa, Marwa, Kusseri da Njamena Excel na Faransanci ne a kansu. In ka buga `TRIM` a can zai ba ka `#NOM?`, domin bai san sunan ba. A Faransanci `TRIM` shi ne `SUPPRESPACE`, `CLEAN` kuma `EPURAGE`. Sauran da za mu buƙata su ne `SUBSTITUE` a madadin `SUBSTITUTE`, `NBCAR` a madadin `LEN`, `STXT` a madadin `MID`, `CAR` da `UNICAR` a madadin `CHAR` da `UNICHAR`, `LIGNE` a madadin `ROW`, `SOMME` a madadin `SUM`, `SOMMEPROD` a madadin `SUMPRODUCT`, `RECHERCHEV` a madadin `VLOOKUP`, sai `CNUM` a madadin `VALUE`. A cikin fomula kuma, kwamfutar da aka saita a tsarin Faransanci tana raba sassa da waƙafi mai ruwa, wato `;`, wadda ke tsarin Ingilishi kuwa da waƙafi. Zan riƙa kawo fomulolin a Faransanci, manyan kuma in haɗa da na Ingilishi. Fayil ɗin da ka rubuta a Excel na Faransanci, in ka tura wa abokin ciniki a Yola ko Mubi, Excel ɗinsa zai juya sunayen da kansa.

Kafin ka goge komai, gano mene ne a ciki

Ajiye kwafin fayil ɗin da aka turo a gefe, kada ka taɓa shi. Yi aiki a kan na biyu. A ce sunayen kaya suna kolon A, farashi a kolon B, kuma layin farko na kanu ne. Ga layuka uku da suka ƙi haɗuwa da jerinka: `Shinkafa 50kg` a A2, `Sukari 25kg` a A3, `Man gyaɗa 20L` a A4.

Matakin farko ƙidaya ne. A wani akwati da babu komai, buga:

```
=NBCAR(A2)
```

Ƙirga da kanka: Shinkafa haruffa 8 ne, sarari 1, sai 50kg guda 4, jimla 13. In Excel ya ce 15, akwai abu biyu da ba ka gani. Don ka san ta ina suke, saka rubutun a tsakanin baka biyu:

```
="["&A2&"]"
```

Yanzu sararin da ke gaba ko baya zai fito fili, domin bakan zai yi nesa da harafin ƙarshe. A misalinmu ɗaya yana ƙarshe, ɗayan kuma a tsakiya, inda aka danna sarari sau biyu.

Sukari ya fi wuyar sha'ani. `NBCAR` ya ba da 11, ƙidayar hannu ma 11 ce: 6 da 1 da 4. Baka biyu ba su nuna komai ba. Duk da haka bai haɗu da naka ba. A nan sai an tambayi kowane harafi lambarsa. Buga wannan a wani kolon da babu komai, ka ja shi ƙasa layi goma sha biyu ko fiye:

```
=UNICODE(STXT($A$3;LIGNE(A1);1))
```

Kowane layi zai nuna lambar harafi ɗaya, bi da bi: 83, 117, 107, 97, 114, 105, sai 160, sai 50, 53, 107, 103. Bayan haruffa sun ƙare za ka ga `#VALEUR!`, wannan ba matsala ba ce, alama ce kawai ta cewa rubutun ya ƙare. Abin dubawa shi ne na bakwai. Sarari na yau da kullum, wanda dogon maɓallin ƙasa ke bugawa, lambarsa 32. Wannan kuwa 160 ne, wani sarari da ake sawa don kada layi ya raba kalmomi biyu. A allo ba ka iya bambanta su ko kaɗan. Shafukan intanet cike suke da shi, kuma rubutun Faransanci yana son sa ƙwarai: Word na Faransanci yana saka irinsa da kansa kafin ruwa biyu da alamar tambaya.

Ka yi wa A4 haka, za ka tarar harafi na goma lambarsa 10. Wannan umarnin sauka sabon layi ne a cikin akwati ɗaya. In akwatin ba a saita shi ya naɗe rubutu ba, ba za ka ga saukar ba sai ka faɗaɗa sandar fomula da ke sama.

Ina ba da shawarar `UNICODE` a kan tsohon `CODE` saboda dalili mai ƙarfi. `CODE` yana iya karanta ƙananan lambobi ne kawai, duk harafin da ya fi ƙarfinsa sai ya ba ka 63, lambar alamar tambaya. Haruffanmu masu lanƙwasa suna cikin waɗannan: ƙ lambarsa 409, ɓ 595, ɗ 599. Da `CODE` sai ka ga 63 a tsakiyar gyaɗa ka zaci datti ne, alhali harafi ne mai kyau. `UNICODE` da `UNICAR` sun shigo ne tun Excel 2013, don haka yawancin kwamfutoci suna da su.

Abin da TRIM ke yi, da inda ya tsaya

A C2 buga `=SUPPRESPACE(A2)`. Zai cire duk sararin da ke gaban rubutu, ya cire duk na baya, a tsakiya kuma in ya tarar da biyu ko fiye a jere ya mayar da su ɗaya. Shinkafa ta sauko daga 15 zuwa 13, ta haɗu da jerinka.

Amma lamba 32 kaɗai ya sani. Ja fomular zuwa C3, Sukari zai fito yadda ya shiga, da 160 ɗinsa. Mutane da yawa a nan suke cewa fomular ba ta aiki, su koma buga sunaye da hannu. Tana aiki, abin da ke ciki ne ba nata ba.

Abin da CLEAN ke yi, da ɓarnar da yake iya yi

`EPURAGE` yana share alamomin da lambarsu ta kama daga 0 zuwa 31. Waɗannan ba haruffan karatu ba ne, umarni ne ga na'ura: 9 tsallake zuwa gaba ne irin na maɓallin `Tab`, 10 sauka sabon layi, 13 komawa farkon layi. Tsofaffin manhajojin lissafi da fayilolin CSV sukan bar su a baya. Sarari 32 ba ya cikin aikinsa, 160 ma haka. Akwai kuma wasu marasa fitowa da suka wuce 31, kamar 127, 129, 141, 143, 144 da 157, waɗanda ba ya taɓawa. Haruffa masu lanƙwasa da masu alama a ka irin na Faransanci ba ya cutar da su, kada ka ji tsoron wannan.

Abin tsoron wani ne. `EPURAGE` ba ya barin komai a gurbin abin da ya cire. Gwada shi a kan A4: sakamakon zai zama `Man gyaɗa20L`, haruffa 12. Saukar layin ita ce ke raba kalmomin biyu, da aka ɗauke ta sai suka manne. Ka gyara matsala ɗaya ka haifi wata, kuma wannan ta fi muni, domin in ka riga ka goge na asali babu fomular da za ta san inda rabuwar take. A jerin adireshi ko sunayen mutane wannan yakan ɓata ɗaruruwan layuka a lokaci guda ba tare da wani saƙon kuskure ba.

Saboda haka duk alamar da ke tsaye a matsayin sarari, a fara mayar da ita sarari na gaskiya kafin a kira `EPURAGE`.

Haɗa su, da jerin da ya kamata su bi

Ga fomular da za ka sa a C2:

```
=SUPPRESPACE(EPURAGE(SUBSTITUE(SUBSTITUE(SUBSTITUE(A2;UNICAR(160);" ");CAR(10);" ");CAR(9);" ")))
```

A Excel na Ingilishi:

```
=TRIM(CLEAN(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(A2,UNICHAR(160)," "),CHAR(10)," "),CHAR(9)," ")))
```

Daga ciki ake karanta ta zuwa waje. `SUBSTITUE` na can ciki yana neman 160 ya sa sarari 32 a gurbinsa. Na biyu ya yi wa 10 haka, na uku ya yi wa 9. Lura da cewa akwai sarari ɗaya a tsakanin alamomin zancen nan, `" "`, in ka manta shi ka koma manne kalmomi. Daga nan `EPURAGE` ya share ragowar ƙananan alamomi, kamar 13 da ke yawan zuwa tare da 10. A ƙarshe `SUPPRESPACE` ya kwashe duk sararin da ya yi yawa, har da waɗanda mu muka ƙara da kanmu.

Dole `SUPPRESPACE` ya zama na waje. A ce rubutu ya ƙare da sarari, bayan sararin kuma akwai 13 a ɓoye. In `SUPPRESPACE` ya fara aiki, zai ga sararin ba shi ne na ƙarshe ba, akwai wani abu a bayansa, sai ya bar shi. `EPURAGE` ya zo ya cire 13, sararin ya zama na ƙarshe, kuma babu mai sake dubawa. Kamar mai shara ne da ya share ɗaki kafin a ɗage tabarma. Fomular za ta yi kama da daidai, `#N/A` kuma yana nan.

Na zaɓi `UNICAR(160)` maimakon `CAR(160)` da za ka gani a wurare da yawa. A Windows duk ɗaya ne, amma `CAR` yana bin jadawalin haruffan kwamfutar da kake kai, kuma a Mac lambobin da suka wuce 127 suna iya ba da wani harafi daban. In Excel ɗinka ya girmi 2013, `CAR(160)` zai wadatar a Windows.

Ja fomular zuwa layin ƙarshe. Sukari ya zama 11 da sarari 32 a tsakiya, Man gyaɗa 13 da rabuwarsa daidai.

Wani lokaci za ka buga fomula ta zauna a akwati yadda ka rubuta ta, ba ta lissafa komai ba. Hakan na faruwa a fayilolin da aka shigo da su, inda aka saita akwatunan a `Texte`. Mayar da kolon ɗin `Standard`, a Ingilishi `General`, sannan ka shiga akwatin da `F2` ka danna `Entrée`.

Kuɗin da ya ƙi taruwa

Wannan shi ne ɓangaren da ya fi shafarmu. A rubutun Faransanci ba a raba dubbai da waƙafi, da sarari ake rabawa: `27 500`. Kuma manhajoji ba sa sa sarari 32 a wurin, domin kada lamba ta tsage gida biyu a ƙarshen layi. Suna sa 160, wasu sababbi kuma suna sa wani siriri mai lamba 8239. Idan irin wannan ya shigo Excel, sau da yawa yakan zauna a matsayin rubutu. Za ka gane ta hanya biyu. Lamba ta gaskiya tana jingina da dama a akwati, rubutu kuma da hagu, muddin ba a canja saitin ba. Hanya mafi tabbas ita ce ka kwatanta `=NB(B2:B400)` da `=NBVAL(B2:B400)`, wato `COUNT` da `COUNTA`. Na farko lambobi kaɗai yake ƙirgawa, na biyu duk akwatin da ke da wani abu. In na biyu ya ce 399 na farko ya ce 380, akwai farashi 19 da ke zaune a matsayin rubutu.

Haɗarin yana nan: `SOMME` ba ya ƙorafi. Yana tsallake rubutu ya tara sauran. In duka rubutu ne za ka ga sifiri ka farga. In kaɗan ne, za ka sami jimla mai kama da gaskiya wadda ta gaza da dubban sefa, kuma da ita za ka je gaban maigida.

Fomular sunaye ba ta dace da kuɗi ba. Tana mayar da 160 sarari 32 ta bar shi a tsakiya, kuma duk abin da ya fito daga `SUPPRESPACE` ko `EPURAGE` rubutu ne, ko da lamba ce ta shiga. Ga kuɗi, share sararin ake yi gaba ɗaya, sannan a juya sakamakon ya zama lamba. A D2:

```
=CNUM(SUBSTITUE(SUBSTITUE(SUBSTITUE(EPURAGE(B2);UNICAR(8239);"");UNICAR(160);"");" ";""))
```

A Ingilishi:

```
=VALUE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(SUBSTITUTE(CLEAN(B2),UNICHAR(8239),""),UNICHAR(160),"")," ",""))
```

Wannan karon babu komai a tsakanin alamomin zancen da ake musanyawa da su, `""`. `27 500` mai haruffa 6 ya zama `27500`, `CNUM` ya mayar da shi lamba, ya koma dama. In ka ga `#VALEUR!`, akwai abin da ya rage. Yawanci `FCFA` ne ko `F` da aka rubuta a bayan kuɗin, sai ka ƙara wani `SUBSTITUE` da zai cire shi, kana tuna cewa `SUBSTITUE` yana bambanta babban baƙi da ƙarami, `FCFA` da `Fcfa` ba ɗaya ba ne a wurinsa. Akwatin da babu farashi ma yana ba da wannan kuskuren. Ba na son a rufe shi da fomular da ke mayar da kowane kuskure sifiri, domin kayan da farashinsa bai karantu ba gara ya yi ihu a shafi da ya ɓuya a matsayin kyauta.

Lambobin waya da lambobin rasit kada ka sa musu `CNUM`. Cire musu sarari ka bar su a rubutu. In ka juya su lamba, sifirin farko zai faɗi, alamar `+` da ke gaban 237 ko 235 ta ɓace, kuma Excel ba ya riƙe fiye da lambobi 15 daidai: doguwar lambar shaidar biya za ta koma sifirai a ƙarshenta.

In har yanzu bai haɗu ba

Abu na farko da za ka duba shi ne naka jerin. Mai bugawa da hannu ma yakan bar sarari a ƙarshen suna. Ɗora fomular a ɓangarorin biyu, ka sa `RECHERCHEV`, fomular neman farashin nan, ya kwatanta wankakke da wankakke.

In sun ci gaba da ƙin juna, koma ga fomular lambobin haruffa, ka jera na wannan kusa da na wancan, ka bi su layi-layi har inda suka saɓa. A rubutun da aka kwafo daga waya ko intanet kana iya cin karo da 8203, sarari marar faɗi ko kaɗan, ko 65279 a farkon akwatin farko na fayil. Waɗannan ba sa raba kalmomi, don haka da `""` ake musanya su. Ƙa'idar ɗaya ce ga duk lambar da ka gano: in tana tsaye a inda sarari ya kamata ya kasance, musanya ta da `" "`, in ba haka ba da `""`.

Akwai kuma saɓanin da ba na ɓoye ba ne. In can sun rubuta gyada da d, kai ka rubuta gyaɗa da ɗ, ko sun manne `50kg` kai ka raba `50 kg`, babu abin da TRIM ko CLEAN za su yi. Wannan sai ku daidaita yadda kuke rubuta suna, ko ku ba kowane kaya lamba ku riƙa nema da ita.

Mayar da sakamakon ya tsaya da ƙafarsa

Kolon C da D har yanzu fomula ne, suna dogara da A da B. In ka cire kolon A da B ɗungurungum yanzu za su zama `#REF!`. Kafin ka daskarar da su, duba yawan layukan da wankin ya canja:

```
=SOMMEPROD(--(A2:A400<>C2:C400))
```

Ka leƙa wasu daga cikinsu da ido, musamman masu dogon suna, ka tabbata babu kalmomin da suka manne. Sake gwada `NB` a kan kolon D, ya yi daidai da yawan kayan. Sannan ka zaɓi C da D, ka kwafa, ka danna dama a kan wurin, ka shiga `Collage spécial` ka zaɓi `Valeurs`, a Ingilishi `Paste Special` da `Values`. Yanzu rubutu ne da lambobi tsantsa, kana iya goge A da B.

In aikin na sau ɗaya ne kuma 160 kaɗai ke damunka, `Ctrl+H` ya fi sauri. Zaɓi kolon ɗin kaɗai, a gurbin nema ka riƙe `Alt` ka buga `0160` a maɓallan lamba na gefen dama, a gurbin musanya ka sa sarari ɗaya in sunaye ne, ka bar shi fayau in kuɗi ne. Ƙaramar kwamfutar da ba ta da waɗannan maɓallan, shiga akwatin ka kwafo sararin kansa ka liƙa. Saukar layi kuma `Ctrl+J` ke shigar da ita a gurbin nema. Amma in jerin Ngaundere duk mako yake zuwa, bar fomulolin a wani fayil na musamman: shafi ɗaya da za ka riƙa liƙa ɗanyen jeri a A da B, C da D suna jiran sa, kuma ka ja su ƙasa fiye da tsawon jerin da ka saba karɓa domin ranar da kaya suka ƙaru.